Pan ne ko toshewa? Mu gwada kafin mu yi rantsuwa



Duk ranar da koneksiyon ta ɗauke a Matameye, cikin ɗan lokaci jama'a sukan rabu biyu. Wasu su ce gwamnati ce ta katse, su rantse. Wasu su ce pan ne kawai, rezon ƙasar nan dama haka yake. Abin da ya haɗa su shi ne babu wanda ya gwada komai. Ra'ayina shi ne, mu da muke cikin ƙungiyoyin fararen hula bai kamata mu shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan layuka biyu ba sai da shaida a hannu, kuma shaidar nan ana iya samunta da wayoyi biyu da minti ashirin.

Dalilin da ya sa na damu a fili yake. In muka yi ihun "an toshe" ranar da igiya ce ta tsinke, mun ba masu toshewa kyauta, domin ranar da suka toshe da gaske za su ce ai waɗannan kullum haka suke faɗi. In kuma muka saba da cewa "pan ne", to duk wanda ya ga dama zai rufe mana baki ya laɓe bayan lalacewar na'ura. Ga kuma doka. Tun watan Yuni na 2024 aka gyara dokar laifukan yanar gizo ta 2019, aka maido da hukuncin kaso a kan yaɗa labarin da aka ce yana iya tada hankalin jama'a. Wanda ya rubuta zargi babu hujja, kansa ya saka a gaba.

Ƙa'idar da nake aiki da ita guda ce. Pan yana bin waya da wuta, toshewa tana bin umarni. Lalacewa ba ta san iyakar ƙasa ba, ba ta san ranar zaɓe ba, duk abin da ke rataye a kan igiyar da ta tsinke shi take kayarwa. Umarni kuwa yana da iyaka irin ta hukuma: ya tsaya a kan iyakar ƙasa, ya shafi kamfanonin da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya, ya zaɓi abin da zai rufe ya bar saura. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi ita ce, ina matsalar ta tsaya? Inda ta tsaya shi zai gaya maka ko mece ce.

Mu duba ranaku huɗu da yawancinmu muka gani da idonmu.

Ranar 23 ga Fabrairu 2021 hukumar zaɓe ta CENI ta bayyana Bazoum Mohamed a matsayin wanda ya ci zagaye na biyu a kan Mahamane Ousmane. Tarzoma ta tashi. Daga ranar 24 intanet na wayar salula ya ɗauke a Nijar, bai dawo ba sai 5 ga Maris, kusan kwana goma. Ku lura da siffar abin. Kira yana shiga, mesaj yana tafiya, wato antan suna tsaye suna aiki. Masu intanet na layin waya a ofisoshi sun ci gaba da samu, wato hanyar da ta haɗa ƙasar da waje ba ta tsinke ba. Amma kamfanoni dabam-dabam, kowa da injiniyoyinsa da na'urorinsa, duk sun rasa abu guda a lokaci guda, maƙwabtanmu kuwa lafiya lau. Babu wani pan mai wannan siffa. Na'ura ba ta zaɓen ta kashe mega ta bar kira a kamfanoni masu gasa da juna, washegarin sakamakon zaɓe.

Ta biyu a Najeriya ce. Daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 an rufe Twitter. A nan intanet yana nan daram, shafi ɗaya tak aka cire. Mutumin Daura yana buɗe komai sai Twitter, kai kuma a Matameye, da ɗan tazara tsakaninku, kana buɗe shi babu wata wahala. Toshewar ta tsaya cak a kan iyaka. Wanda ya kunna VPN a can kuma ya wuce abinsa.

Ta uku ita ce wadda ta fi ruɗin mutane. Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, wajen ƙarfe biyar saura na yamma agogonmu, WhatsApp da Facebook da Instagram suka mutu tare, na tsawon kusan awa shida, sauran shafuka suna aiki. A ido wannan ya yi kama da toshewa sak, tunda an zaɓi wasu an bar wasu. Amma ukun duka na kamfani ɗaya ne, kuma kuskuren injiniyoyinsa ne ya katse su daga duniya. Yadda za ka gane a ranar bai fi kira ɗaya ba: ɗan'uwanka a Kano ba ya samu, na Agadas ba ya samu, wanda ke Makka ma ba ya samu, VPN kuma bai gyara komai ba. Abin da ya mutu a ko'ina, daga gidansa ya mutu.

Ta huɗu, ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi. Manyan igiyoyi huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake shigowa, irin su Benin da Najeriya, don haka mu ma ya taɓa mu. Siffar wannan ta bambanta da ta 2021 ta kowace fuska. Ƙasashe fiye da goma ne suka shiga ciki tare, daga Laberiya da Gana har Najeriya, kuma babu wata gwamnati da ke ba su umarni duka. Ba a yanke tsaf ba, abin ya yi ta jan ƙafa, wani kamfani ya fi wani wahala gwargwadon igiyar da ya dogara da ita. Ya kuma dawo kaɗan-kaɗan yayin da ake karkata hanya, gyaran igiyoyin ya ɗauki makonni. Umarni yakan sauka kamar wuƙa ya tashi kamar an buɗe famfo. Pan babba yakan warke kamar mara lafiya.

To yanzu ta yaya kai da wayarka za ka raba su? Sai an fara da fahimtar hanyar da saƙo ke bi, kuma ba ta da wuya. Ka ɗauka tafiya za ka yi. Da farko ka shiga tasha ka tambayi ɗan kamasho motar garin da kake so. Haka waya take yi: in ka rubuta sunan shafi, sai ta tambayi wata na'ura ta kamfanin layinka lambar adireshinsa. Wannan ɗan kamashon shi ake kira DNS. Sannan mota ta kama hanya zuwa adireshin. A kan hanya kuma akwai shinge inda ake iya ganin sunan garin da ka nufa, ko da ba a ga kayan da ka ɗauko ba. Mai son toshewa yana da wurare uku. Ko ya ce wa ɗan kamasho in an tambayi gari kaza ya ce babu shi. Ko ya rufe hanyar garin. Ko ya tsaya a shinge ya juyo da duk motar da ta ambaci sunan. Katsewa irin ta 2021 kuwa, tashar ce gaba ɗaya aka kulle.

Kafin ka zargi kowa, fara da aljihunka. Forfe ya ƙare? Ko irin forfen nan ne na WhatsApp da Facebook kaɗai? Wannan ma tacewa ce da kamfani ke yi, amma ta ciniki ce, kai ka saye ta da kuɗinka. Duba kwanan wata a wayar, domin in batir ya mutu agogo ya koma baya, shafuka da yawa za su ƙi buɗewa, Chrome ya rubuta `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID`. In wifi na makaranta ko na ofis kake kai, mai wurin yana iya rufe YouTube don kada a cinye masa mega, ba ruwan gwamnati. Sai kuma kuran. Antan da wuta yake aiki, in kuran ya daɗe bai dawo ba, batir ya ƙare, gazuwal ɗin gurup ya ƙare, rezo zai ɓace har da kira. Mun ga yadda wuta ta yi mana wuya bayan Najeriya ta yanke ta a watan Agusta 2023. Alamar wannan ita ce yana tafiya da wuta yana dawowa da ita, kuma in ka hau babur ka nufi Kance ko Takeita sai ka tarar da rezo.

In duk wannan lafiya, sai gwaji na gaske, kuma sirrinsa shi ne ka canza abu ɗaya tak a kowane mataki. Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce ranar Laraba da ƙarfe takwas na dare wani shafin labarai ya ƙi buɗewa a wayarka.

Mataki na farko, ka bar waya da layi yadda suke, ka canza shafi. Buɗe wasu uku waɗanda ba na kamfani ɗaya ba. A ce duk sun buɗe. To intanet yana nan, matsalar ta shafi guda ce. Yanzu kada ka tsaya ga manhajar shafin, buɗe shi a Chrome ka karanta ƙananan haruffan da ke ƙasan saƙon kuskure. In ka ga `DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN`, ɗan kamasho ne ya ce babu garin. In ya daɗe yana juyi sannan ya ce `ERR_CONNECTION_TIMED_OUT`, an kama hanya amma babu amsa. In kuwa cikin daƙiƙa ɗaya ya ce `ERR_CONNECTION_RESET`, an fara magana aka katse ta. Ko ɗaya daga cikinsu ba hujja ba ce ita kaɗai, lalacewa ma tana haifar da su. Suna nuna maka wurin da za ka duba ne. A misalinmu, a ce na ukun ka gani. Ɗauki hoton fuskar wayar, agogo yana ciki.

Mataki na biyu, canza layi. Ƙasar nan muna da Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms, kuma da wuya ka rasa mai wani layin a majalisarku. A ce a layi na biyu ma saƙon kuskuren iri ɗaya ne.

Mataki na uku, canza ƙasa. A nan mu mutanen bakin iyaka mun fi na Yamai sa'a, domin kusan kowa yana da wani a Mai'aduwa ko Daura ko Kano. Kira shi ka ce ya buɗe shafin yanzu-yanzu da layinsa na can. A ce ya buɗe masa. To shafin yana da rai, ba irin ranar 4 ga Oktoba ba ce.

Mataki na huɗu, canza ɗan kamasho. Wayoyin Android daga na 9 zuwa sama suna da wurin da aka rubuta `DNS privé`, ko `Private DNS` in wayar da Turanci take. Shiga ka rubuta `dns.google` ka ajiye. Mai kwamfuta kuma yana iya kwatanta amsoshi biyu, ya sa sunan shafin a madadin na misalin:

```
nslookup example.com
nslookup example.com 8.8.8.8
```

Layin farko yana tambayar DNS na kamfaninka, na biyu yana tambayar na Google. In lambobin sun ɗan bambanta kada ka yi mamaki, manyan shafuka suna da adireshi da yawa. Abin lura shi ne na farko ya ce babu, ko ya ba da lamba irin `127.0.0.1` wadda ke nufin na'urarka da kanta, na biyu kuma ya ba da amsa sosai. Amma a kula: in duk shafuka ne suka mutu sannan canjin DNS ya tashe su duka, wannan DNS ɗin kamfani ne ya lalace, pan ne. In suna ɗaya ne kawai ya ɓace daga bakin ɗan kamasho, wannan akwai magana. A misalinmu, a ce ka canza amma babu abin da ya sauya.

Mataki na biyar, kunna VPN. Shi kamar babbar mota ce da aka lulluɓe da tamfol, mai shinge yana ganin ta nufi wani sito a wata ƙasa, bai san inda kayan za su wuce daga can ba. A ce da ka kunna shafin ya buɗe, da ka kashe ya sake mutuwa, ka maimaita sau uku haka. Washegari da safe da kuma jibi ka sake, sakamako bai canza ba.

Me ka samu? Shafi ɗaya, a kamfanoni biyu, a cikin ƙasa ɗaya, ana katse shi nan take, kwana uku a jere, yana buɗewa a ƙetaren iyaka da kuma ta VPN. Wannan siffar toshewa ce a shinge. Yanzu sauya abu ɗaya cikin labarin ka ga yadda hukunci ke juyawa. Da a kamfani ɗaya ne kawai, sai mu ce ko tacewar wannan kamfanin ce ko hanyarsa ce ta lalace, sai an ƙara kwanaki ana dubawa. Da na Daura ma bai samu ba, shafin ne ya faɗi. Da kuma shafin ya buɗe ya nuna maka rubutu irin `403 Forbidden` ko `Access denied`, to ka isa garin, masu gidan ne suka hana ka shiga. Akwai shafukan da ke rufe ƙofa ga wasu ƙasashe da kansu, kuma su ma VPN yana wuce su. Wanda bai san wannan ba zai ɗora wa gwamnatinsa laifin wani kamfani na Turai.

Gwajin nan yana da iyaka, kuma gara mu faɗe ta da bakinmu. Na ɗaya, in an kulle tashar duka, VPN ba ya aiki, domin shi ma sai da intanet. A irin wannan rana shaidarka ita ce kira da mesaj suna tafiya, mega ba ta tafiya, a duk layuka, daga Matameye har Damagaram da Maraɗi. Na biyu, ɓacewar rezo ɗungurungum ma tana iya zama umarni. A watan Satumba 2021 an kashe sadarwa gaba ɗaya a jahar Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da sunan yaƙi da ƴan bindiga. A can iyakar abin ta bi taswirar mulki ne, ba ta bi layin wuta ba. Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne a rage gudu ba tare da an yanke ba. Rubutu yana tafiya, bidiyo ba ya tafiya. Cunkoso ma haka yake yi, musamman bayan isha'i ko ranar kasuwa. Gwada da asuba lokacin da mutane ke barci. Cunkoso yakan sauka, ragewar ganganci ba ta sauka. In kuma bidiyon manhaja ɗaya ya fi gudu da VPN fiye da babu shi, alhali VPN yakan ƙara nauyi ne, to ana taɓa wannan manhajar.

Akwai masu auna wannan daga waje, irin su IODA da Cloudflare Radar da NetBlocks, suna nuna ko zirga-zirgar ƙasa ta faɗi da kuma sa'ar da ta faɗi. Amma ƙasa ko jaha suke gani, antan ɗin unguwarku bai isa ya motsa zanensu ba. Akwai kuma manhajar OONI Probe da ke yin irin gwajin da na bayyana ta kuma wallafa sakamako a fili, da sunan ƙasa da kamfanin layi da lokaci. Kafin ka sa ta ka sani kamfanin layinka yana iya ganin kana amfani da ita, kuma jerin shafukan da take gwadawa yana iya ƙunsar waɗanda ba ka so a gan ka a kai. Ka zaɓi shafukan da kanka, ka kuma yi shawara da ƙungiyarku.

Sannan ko gwaji ya nuna toshewa ce, bai faɗi wanda ya ba da umarni ba. Wannan sai takarda ko amsa daga bakin mai shi. A Najeriya ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta ALTON ta fito ta ce hukumar NCC ce ta umarce su su rufe Twitter. Da yake abin a fili yake, an samu wanda za a kai ƙara, kuma a watan Yuli 2022 kotun CEDEAO ta ce rufewar ta saɓa doka. Don haka in za ka rubuta, rubuta abin da ka gani: rana kaza, ƙarfe kaza, a Matameye, layi kaza da kaza, ga saƙon kuskure, a Daura yana buɗewa. Ka tsaya nan, ka bar wa hukuma tambayar. Irin wannan rubutu ya fi zagi ciwo, domin ba a iya ƙaryata shi.

Wani zai ce ai tsaro ya fi komai, in hukuma ta ga dole ta rufe sai ta rufe. Wannan muhawara ce da za mu iya yi, amma ba za a yi ta a cikin duhu ba. Wanda ya yi imani matakinsa daidai ne, ya sa hannu a takarda: ga abin da aka rufe, ga dokar da ta ba da dama, ga ranar buɗewa. Kamfanoni kuma, da suke iya turo mana mesaj na talla safe da yamma, za su iya turo guda ɗaya ranar da aka samu pan, su faɗi yankin da ya shafa da lokacin da suke sa ran gyarawa. Hukumar ARCEP, wadda aikinta ne sa ido a kansu, ita ya kamata ta wajabta musu haka, ta kuma sa a maido wa mutane forfen da ya ƙone a kwanakin da babu koneksiyon. Mai jiran kuɗin magani daga ɗansa da ke ci-rani, da ɗan kasuwar da ke jiran farashi daga Kano, suna da haƙƙin sanin ko su jira awa biyu ne ko su nemi wata hanya.

Kafin a kai can, aikin namu ne. Kowane reshe na ƙungiya ya ware mutum uku masu layuka dabam-dabam, da mutum ɗaya a ƙetaren iyaka, su ajiye lambobin juna don kira da mesaj, tunda ranar da ake buƙatarsu WhatsApp ba zai yi ba. Su gwada matakan nan biyar yau, da rezo yake lafiya, su san yadda lafiya take kama. Sannan a sayi kaye guda a riƙa rubuta rana da sa'a da sakamako.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu faɗi gaskiya da hujjarta.